Kwana uku na haihuwa, da yadda na same su a kamfanin da bai rubuta su ba

Ina aikin kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Garwa ta ƙasar Kamaru, shinkafa da mai da sabulu da makamantansu. Babban ofishinmu yana Duwala, mu reshe ne. Da cikin maiɗakina ya shiga wata takwas, na ɗauko kontiragina na karanta daga farko har ƙarshe, sannan na je na tsaya gaban takardar dokokin cikin gida da ke manne a bangon ofis. Akwai lokacin shiga aiki da na tashi, akwai hukuncin makara, akwai batun takalmin kariya da abin kashe gobara. Ko kalma ɗaya babu kan mutumin da matarsa ta haihu.

Na tambayi abokan aikina. Wani ya ce da aka yi masa haihuwa waya kawai ya buga wa shugaban reshe, aka ce masa "je ka, Allah ya raya", ya yi kwana biyu ya dawo. Wani ya ce shi ma haka aka ce masa, amma ƙarshen wata ya ga an zabtare masa kuɗin kwanakin. Na uku bai nemi komai ba, ya dai roƙi rabin yini ranar suna. Mutum uku a kamfani ɗaya, kowa da abin da ya samu, gwargwadon yadda fuskar maigida take a ranar. Wannan ne ya dame ni, domin ni ba na cikin halin da zan iya jiran sa'a. Haihuwar fari ce. Iyayen matata suna Marwa, kuma likita ya ce kada ta yi doguwar tafiya, don haka ba za ta je goyon ciki gida ba. Mahaifina ya rasu a farkon shekarar. Babu wani babba namiji da zai tsaya a madadina a asibiti ko a wajen shirin suna.

Wanda ya buɗe mini ido shi ne wakilin ma'aikatanmu, wanda muke kira delege, wani dattijon direba da ya daɗe a aikin. Duk wurin aikin da ke da ma'aikata 20 zuwa sama doka ta ce a zaɓi irin waɗannan wakilai, kuma aikinsu ke nan, kai koken ma'aikaci gaban shugabanni. Na same shi bayan la'asar a gindin mota.

Na ce, "Baba, na duba takardar bango, ba su ce komai ba kan haihuwa."

Ya ce, "Yaro, ai ba za ka gani a can ba. Ba gidanta ba ne."

Ya yi mini bayanin da tun daga ranar nake maimaita wa duk wanda ya tambaye ni. Dokar ƙwadago ta Kamaru, mai lamba 92/007 ta ranar 14 ga Agusta 1992, ita da kanta ta iyakance abin da ake rubutawa a dokokin cikin gida. Sashe na 29 ya ce tsarin gudanar da aiki ne, da ladabtarwa, da tsabta da kariya a wurin aiki. Saboda haka shirun da takardar bango ta yi kan hutun haihuwa ba hani ba ne, kuma ba izini ba ne. Maganar tana wani wuri, sama da kamfanin. Sashe na 89 ne ya yi ta. Bayan ya ba ma'aikaci hutun shekara na kwana ɗaya da rabi kan kowane watan aiki, wato kwana 18 a shekara, sai ya ƙara da cewa ana ba shi izinin fashin aiki na musamman, da albashinsa, har iyakar kwana 10 a shekara, idan wani al'amari ya faru a cikin iyalinsa, kuma ba a cire waɗannan kwanaki daga hutun shekara. Akwai kuma dokar zartarwa ta 1975 da ta rarraba kwanakin bisa ga al'amuran. Haihuwar matar ma'aikaci kwana 3 ce.

Ba zan ɓoye ba, da na ji kwana 3 raina bai yi daɗi ba. Mace mai aiki sashe na 84 ya ba ta mako 14, kuma ta cancanci fiye da haka. Amma namijin da zai yi zirga-zirgar magani da abinci da neman jini idan an bukata, kwana 3 aka ga ya ishe shi. Duk da haka, kwana 3 da doka ta tsaya maka a kansu sun fi mako guda na alfarma da za a iya janyewa ko a cire maka a albashi.

Baba ya ce in duba abu biyu kafin in rubuta komai. Na farko, yarjejeniyar gama-gari ta sana'armu. A Kamaru sana'o'i da dama suna da tasu, 'yan kasuwanci da tasu, bankuna da tasu, masu gine-gine da tasu, kuma galibi takardar albashi ko kontiragi kan nuna wadda ta shafe ka. Yarjejeniya tana iya ƙara wa ma'aikaci a kan abin da doka ta ba shi, amma ba ta iya ragewa. Na biyu, in ƙirga abin da na riga na ci daga cikin kwana 10 na shekarar. Na ci 3 a rasuwar mahaifina. Idan na ƙara 3 na haihuwa da 1 na suna, sun zama 7. Ban kai iyaka ba. Wannan lissafin yana da amfani, domin shi ne abu na farko da mai lissafin albashi zai duba, kuma wanda ya yi aure da rashi da haihuwa a shekara guda yana iya samun kansa a bakin iyaka bai sani ba.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi ɗaure mini kai. Kwana 3 na haihuwa suna ƙarewa tun kafin a kai ga ranar suna, kuma a wurinmu ranar suna ce ranar da uba ba ya iya fashi ko kaɗan. Jerin al'amuran iyali da ake ba da izini a kansu ya ware kwana 1 don bikin baftisma na ɗan ma'aikaci. Baba ya ce tun da yake aiki a arewa, da wannan layin musulmi suke neman ranar raɗin suna, kuma da wannan sunan ake rubuta ta a takardun faransanci. Ya ce kada in bar shi a dunƙule, in rubuta ƙarara cewa bikin raɗin suna ne bisa addinin musulunci, ranar bakwai, don kada wani a Duwala ya zauna yana jiran takardar coci.

Na rubuta wasiƙar farko kusan mako uku kafin lokacin da ungozoma ta ƙiyasta. Da faransanci na rubuta, zuwa ga shugaban ma'aikata ta hannun shugaban reshe, kuma ba ta kai rabin shafi ba. Na ce matata tana dab da haihuwa, ga kimanin lokacin. Na ce zan ɗauki izinin kwana 3 daga ranar haihuwa bisa sashe na 89, da kwana 1 ranar suna, kuma zan sanar da ainihin ranakun da zarar ta sauka, in kawo takardar asibiti idan na dawo. Na ambaci wanda zai riƙe mabuɗin sito da littafin shiga da fitar kaya. Baba ya sa na cire wata jimla da na saka ta roƙo mai tsawo. Ya ce, "Ka yi ladabi, amma kada ka roƙi abin da yake naka. Idan ka roƙa, ka ba su damar cewa a'a."

A sakin layi na daban kuma na yi roƙo na gaskiya. Na ce idan an riƙe ta a asibiti fiye da kwana 3, ina neman a ba ni ƙarin kwana biyu a cire daga hutuna na shekara. Wannan ba hakki ba ne da zan ɗauka ranar da na ga dama, sai da amincewar kamfani, shi ya sa na raba shi da na farko. Idan ka cakuɗa su a jimla ɗaya ka ce kana neman mako guda, maigida zai amsa maka da kalma ɗaya, kuma idan kalmar ta zama a'a, ta haɗiye har da kwanakin da ba shi da ikon hanawa.

Na buga kwafi biyu. Sakatariya ta karɓi ɗaya, ta buga hatimi da kwanan wata ta sa hannu a ɗayan ta miƙo mini. Wannan kwafin mai hatimi shi ne ya cece ni daga baya, kuma shi ne abin da abokan aikina ukun nan ba su da shi.

Shugaban reshe ya kira ni washegari. Mutumin kirki ne, ba zan ce masa komai ba sai alheri, amma maganarsa ta farko ita ce wadda kowa ya sani.

Ya ce, "Malam, duk wannan takarda ta mece ce? Ai da ka zo ka faɗa mini da baki. Kuma jego na mata ne, kai me za ka yi a gida?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, surukata tana Marwa, sai an haihu za ta taso. Kafin ta iso ni ne uwa ni ne uba. Takardar kuma don Duwala ce, su ba su san fuskata ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce lokacin yana iya faɗawa kan ƙidayar kaya ta ƙarshen wata. Damuwarsa ta gaskiya ke nan, kuma tana da tushe. Sito ba ya zama babu mai amsa tambaya. Muka zauna muka tsara: zan yi ƙidayar manyan kaya tun da wuri, in sa hannu tare da mataimakina kan abin da ke ƙasa, duk abin da ya fita bayan haka yana wuyansa har in dawo. Da ya ga aikin ba zai tsaya ba, ya rubuta amincewarsa a gefen wasiƙar ya tura. Na lura yawancin turjiyar da ake samu a irin wannan wuri ba ƙiyayya ba ce. Maigida yana tunanin wa zai buɗe ƙofa da safe. Idan ka zo masa da amsar wannan tambaya a hannu, rabin gardamar ta mutu.

Amsar Duwala ce ta zo da abin da ban zata ba. Matar da ke kula da ma'aikata ta bugo waya ta ce ba ta musun kwana 3, amma a fayil ɗina an rubuta ba ni da aure. Ta ce doka ta ce matar ma'aikaci, ita kuma ba ta ga takardar aure ba. An ɗaura aurenmu a Marwa, gaban liman da waliyyai da shaidu, an biya sadaki, gari ya shaida. Amma ba mu je ofishin magajin gari mun yi rajista ba, kamar yadda mutanenmu da yawa ba sa zuwa. A idon takardun gwamnati kuwa, auren da aka yi wa rajista shi ake ƙirgawa.

Nan ne hankalina ya tashi sosai, domin na ga kamar duk ginin zai rushe a kan takarda ɗaya. Baba ya karɓi wayar ya yi magana da ita cikin natsuwa. Hujjarsa ita ce sashe na 89 ya yi magana ne kan al'amarin da ya shafi gidan ma'aikaci, kuma haihuwar ɗansa a cikin gidansa ba ta bukatar dogon bayani. Ya ce takardar da asibiti za ta bayar za ta ɗauki sunana a matsayin uba. Ya kuma tuna mata cewa kamfanin ya riga ya bar wasu sun tafi hutun haihuwa ba tare da an tambaye su takardar aure ba. Ta ce za ta amince da takardar asibiti a wannan karon, da sharaɗin in gyara fayil ɗina. Ban ɗauki wannan a matsayin na kayar da ita ba. Tana da abin riƙewa a lafazin doka, ta zaɓi ta sassauta. Wanda yake da ciki a gidansa kuma aurensa na masallaci ne kawai, ya fara da wannan tun cikin yana ƙarami, kada ya jira wayar da na samu.

Ta haihu ranar Talata da asuba, namiji. Daga harabar asibiti na aika wa shugaban reshe saƙon waya a rubuce, ban tsaya ga kira kawai ba: ta sauka yau, izinina ya fara yau Talata zuwa Alhamis, suna Talata mai zuwa. Ta zubar da jini da yawa, aka riƙe ta. A waɗannan kwanaki na san amsar tambayar da aka yi mini, wai me namiji zai yi. A asibitocinmu majinyaci da mai jinyarsa yake tafiya. Kai ne za ka karɓi takardar magani ka nufi kantin magani, idan babu a nan ka hau babur ka nemo a wani. Kai ne za ka biya a wurin karɓar kuɗi ka dawo da rasit kafin a yi gwaji. Da aka ce a nemo mai ba da jini, ni na bi 'yan'uwa da abokai a waya har aka samu wanda jininsa ya dace. Ruwan zafi, kunu, wankin zannuwa da maƙwabciyarmu ta taimaka da shi, zuwa tasha tarbar surukata da ta iso Laraba da dare, duk a cikin kwana ukun nan. Ranar Alhamis likita ya ce sai Asabar za a sallame ta. Na sake aika saƙo cewa ina bukatar kwana biyun da na roƙa daga hutun shekara, Juma'a da Asabar, aka amsa mini da to.

Kafin mu bar asibiti na karɓi takardar shaidar haihuwa da suke bayarwa. Ita ba takardar haihuwa ta hukuma ba ce, wadda ake yi a ofishin magajin gari, amma da ita ake zuwa a yi waccan, kuma ita kamfani yake bukata nan take. Na duba yadda aka rubuta sunana harafi bayan harafi, na gwada da katin ɗan ƙasa. Sunayenmu suna shan wahala a rubutun faransanci, kuma bambancin harafi ɗaya ya isa a ce ba kai ba ne.

Lahadi na je kasuwar Fitowa na sayo rago. Litinin na koma aiki, na miƙa hoton takardar asibiti tare da gajeriyar wasiƙa mai jera ranakun, aka sake buga mini hatimi. Goron gayyata ƙannena suka raba. Talata aka raɗa suna da safe, wanzami ya yi aski, aka yanka rago, Laraba ina sito.

Na ɗauka magana ta ƙare, sai da takardar albashi ta fito. Albashina sefa 120,000 ne a wata. Na ga an rubuta fashin aiki na kwana 4, an cire 16,000, wato 4,000 kowace rana idan aka raba albashin gida 30. Kwana biyun hutun shekara an rubuta su daidai, amma ukun haihuwa da ɗayan suna an ɗauke su fashi. A watan da ka sayi rago ka biya asibiti, jaka goma sha shida ba ƙaramin kuɗi ba ne. Da na bincika, ba mugunta ba ce. Littafin sa hannun safe ne ake turawa Duwala, mai lissafi ya ga gurbi huɗu babu sa hannu, kuma a tsarinsa ba shi da wurin rubuta irin wannan izini, tunda kamfanin bai taɓa tanadar masa suna ba. Amincewar tana ofishi ɗaya, lissafin yana wani. Haka ne ma ya faru da abokin aikina da aka ce masa "je ka" da baki, sai dai shi ba shi da abin nunawa.

Na rubuta koke na layi biyar, na haɗa da kwafin wasiƙun nan biyu masu hatimi da takardar albashin, na ja layi a ƙarƙashin wurin da aka cire. Baba ya sa batun a cikin abubuwan da wakilai za su tattauna da shugabanni a zamansu na wata. Ya gaya mini idan ba a gyara ba, mataki na gaba shi ne ofishin sufeton ƙwadago a nan Garwa, inda ake kiran ɓangarorin biyu a nemi sulhu, kuma doka ta sa sai an bi ta nan kafin a je kotu. Ba mu kai can ba. A albashin wata na gaba aka mayar mini da 16,000 a layi na daban. Na kuma nemi a nuna mini ragowar hutuna na shekara, don in tabbatar biyu aka cire daga 18, ba shida ba. Wannan ita ce hanya ta biyu da kwanakin ke ɓacewa: a bar maka kuɗinka, a zare su a hutunka a ɓoye, ba za ka gane ba sai ranar da ka zo tafiya hutu. Nawa ya nuna 16.

A zaman nan Baba ya nemi kamfani ya fitar da sanarwa a rubuce, mai jera al'amuran iyali da kwanakin kowanne da takardar da za a kawo, a kuma buɗe wa mai lissafi gurbin rubuta su. An fitar, tana manne kusa da tsohuwar takardar bango. Abin da ba ta taɓo ba shi ne 'yan dakon da ke sauke mana kaya, waɗanda ake biya kullum a hannu. Ɗaya daga cikinsu an yi masa haihuwa wata biyu bayan tawa, ranar suna ya zo ya sauke tirela ɗaya da sassafe kafin ya koma gida, domin in bai zo ba babu kuɗin cefane. Dokar ƙwadago ba ta ce sai kontiragi a rubuce ne ke sa mutum ya zama ma'aikaci ba, kuma wasunsu sun shekara suna zuwa wurin nan kowace safiya. Baba ya fara rubuta sunayensu da lokacin da kowa ya fara, ni kuma ina ciro masa tsofaffin takardun sauke kaya da ke ɗauke da sa hannunsu, domin ya kai maganar zama na gaba da hujja.